Alhamza a kwamfuta: me ya sa bincike yake ɓatar da kalmomin da ido ke gani?

Tambaya: Malam, ina haɗa jerin kalmomi na harsuna huɗu don aikin nazarin sauti: Hausa, Larabci, Jamusanci da harshen Hawai. Duk inda alhamza ta zo ina sa mata waƙafin sama. Amma in na nemi "sa'a" a fayil ɗin sai wasu su fito, wasu su ƙi, alhali ga su nan ina kallo. A Excel kuwa "'yan" ta koma "yan". Wace alama ya kamata in tsaya a kai?

Amsa: Malama, fayil ɗinki bai lalace ba. Abin da ya faru shi ne, alamar da kike ɗauka guda ɗaya ce, a wurin na'ura alamomi ne da dama masu kama da juna, kowace da lambarta a tsarin Unicode. Wadda ke kan allon rubutu, miƙaƙƙiyar nan ('), lambarta `U+0027`. Mai lanƙwasa (’) da Word da wasu wayoyi ke musanya miki ita ba tare da kin nema ba, `U+2019` ce. Idan alamar ta zo a farkon kalma, Word yana zaton zance za ki buɗe, sai ya juya ta (‘) ta zama `U+2018`. Shi ya sa "'ya'ya" takan fito da alamomi biyu suna kallon juna. Akwai kuma `U+02BC` (ʼ), wadda a ido kusan ba ta da bambanci da ta biyun, amma an yi mata rajista a matsayin harafi, ba alamar tsayawa ba. To "sa'a" da aka buga a waya, da wadda aka buga a Word, da wadda aka kwafo daga wani shafi, kalmomi uku ne daban a wurin manhajar da ke kwatanta lamba da lamba. Shi kuwa Excel, waƙafin sama a farkon gurbi umarni ne a wurinsa, ma'anarsa "ɗauki abin da ke biye a matsayin rubutu", don haka yake ɓoye shi.

Amma kafin a zaɓi lamba, sai an tantance sautin, domin abin da muke tattarawa mu kira alhamza ba abu ɗaya ba ne.

Na farko shi ne alhamza tsantsa: tantanin maƙwallato ya rufe ruf, iska ta tsaya, sannan ya buɗe. Ita ce a tsakiyar "sa'a" da "jama'a". A harshen Hawai baƙi ce cikakkiya mai raba ma'ana: kou na nufin "naka", koʻu na nufin "nawa". Mutanen Malta da harafin q suke rubuta ta. Bajamushe yakan furta ta kafin wasalin da ya fara kalma, amma ba ya rubutawa. Haruffan nazarin sauti na duniya, wato IPA, sun ba ta alamarta ta kanta, ʔ, mai lamba `U+0294`.

Na biyu shi ne tunkuɗau, irin ƙ da ts. Nan maƙwallato yana rufe a daidai lokacin da baki ma yake rufe, sai maƙoshi ya yi sama ya matse iskar da ke tsakani ta fito da ƙarfi. Sauti ɗaya ne, ba biyu ba, kuma Amharanci da harshen Jojiya suna da irinsa. IPA tana rubuta shi da baƙin sannan ʼ a bayansa: kʼ, sʼ. Na uku haɗiyau, irin ɓ da ɗ, inda maƙoshi ke yin ƙasa. Waɗannan suna da haruffansu masu ƙugiya, ba su bukatar wata alama. Na huɗu kuma shi ne inda maƙwallato bai rufe gaba ɗaya ba, ya dai matse har murya ta yi ƙiƙi-ƙiƙi, kamar yadda ake ji a wasu kalmomin harshen Denmak. Wannan ana sa masa ɗan igiya a ƙarƙashin harafi (a̰), lamba `U+0330`, ko a ɗora ƙaramar alhamza ˀ mai lamba `U+02C0` a gefensa.

Ga inda matsalar take cizo, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na son a yi wa dukkan waɗannan alama ɗaya a rubutun furuci. Ɗauki "mas'ala" da "tsaro". A "mas'ala" akwai s, ta ƙare, sannan alhamza ta biyo: sautuka biyu ne a gaɓoɓi biyu, mas da ʔa. A "tsaro" kuwa sautin farko tunkuɗau ne guda, wanda masana da yawa ke rubutawa sʼ. Idan kika sa waƙafin sama ga alhamza kuma kika sa shi ga tunkuɗau, jerinki zai nuna masʼala da sʼaro, kuma duk wanda ya san IPA zai karanta ta farkon kamar "matsala". Ranar da kika umarci na'ura ta ƙirga miki tunkuɗau, za ta haɗa da ita, lissafin ya karkace ba ki sani ba. Daidai shi ne masʔala da sʼaro. Haka "jam'iyya" m ce da ʔ a jere, ba wata m mai hamzantawa ba.

Larabcin da ke cikin jerinki yana da irin wannan tarkon. Saʾala "ya tambaya" da saʿala "ya yi tari" kalmomi biyu ne: ta farko da hamza, ta biyu da aini, wanda ba a maƙwallato ake yin sa ba, a maƙogwaro ne. Masu mayar da Larabci boko suna raba su da rabin da'ira biyu, ʾ (`U+02BE`) da ʿ (`U+02BF`), IPA kuma da ʔ da ʕ. Hausa ta haɗe su a kalmomin da ta aro, shi ya sa "mas'ala" mai hamza da "sa'a" mai aini duka alama ɗaya muke yi musu, kuma daidai ne a Hausa. A layin Larabci ne haɗe sun yake zama ɓarna.

Shawarata ita ce ki raba kowace kalma gida biyu: gurbi ɗaya na rubutun yau da kullum, ɗaya na furuci. A gurbin furuci doka ɗaya ce ga dukkan harsunan: ʔ ga alhamza, ʼ ga tunkuɗau kaɗai. A gurbin rubutu kuma ki bi ƙa'idar masu harshen, kada ki yi musu gyara. Hawai tana da tata alamar, ʻokina, mai lamba `U+02BB`, wadda kanta ke kallon ƙasa sabanin tamu. Wasu harsunan ƙasar Meziko suna amfani da miƙaƙƙiya mai lamba `U+A78C`. Wasu na arewacin Kanada suna bukatar babba da ƙarama, sai aka ba su Ɂ da ɂ (`U+0241` da `U+0242`), domin ʔ ta IPA ba ta da babban baƙi. Ga Hausa ni `U+02BC` nake zaɓa a aikin ƙamus da jerin kalmomi, saboda harafi ce: danna sau biyu yana ɗauko kalmar gaba ɗaya, Word ba ya juya ta, Excel ba ya haɗiye ta. Illarta ɗaya, mai neman kalma da miƙaƙƙiyar alama ba lallai ya same ta ba, don haka in jerin zai hau yanar gizo a sa akwatin bincike ya ɗauke su daidai da juna.

Akwai wasu shawarwari biyu da sai ke za ki yanke, ki rubuta su a shafin farko na aikin. Ɗaya: alhamzar farkon kalma. Hausa ba ta rubuta ta a "aiki", amma tana nan, shaidar kuwa ita ce "ma'aikaci", inda ɗafa-goshi ya fito da ita fili. Ko ki rubuta ʔ a farkon duk irin waɗannan kalmomi a gurbin furuci, ko ki bar ta a duka. Rabi da rabi ne ke sa mai karatu ya zaci bambanci ne na ma'ana. Biyu: sautin 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Wasu masana suna rubuta furucinsa ʔʲ, wasu j̰. Kowanne yana da hujja. Ɗauki ɗaya ki riƙe.

Yanzu gyaran fayil. Ki yi kwafe tukuna, ki adana shi a matsayin rubutu zalla na `UTF-8`, sannan ki ƙirga abin da ke ciki da wannan ɗan shirin Python, don ido ba zai gaya miki ba:

```python
import unicodedata, collections
t = open("kalmomi.txt", encoding="utf-8").read()
for h, n in collections.Counter(t).most_common():
    if not h.isascii() or h in "'`?":
        print(n, hex(ord(h)), unicodedata.name(h, ""))
```

Zai jero kowace alama da adadinta da sunanta. Idan kin ga `0x27` da `0x2019` da `0x2018` tare, kin kama ɓarawon. Na sa alamar tambaya a ciki da gangan: wasu suna buga ? a madadin ʔ, kuma fayil da aka adana da tsohon tsari yakan mayar da ʔ ɗin ? gaba ɗaya. A layukan Hausa, bayan an ware su su kaɗai cikin `t`, alamar da ke tsakanin haruffa biyu ana iya sauya ta kai-tsaye:

```python
import re
t = re.sub(r"(?<=\w)['’‘`](?=\w)", "\u02bc", t)
```

Ta farkon kalma kuwa da hannu za a bi ta. Na'ura ba ta iya rarrabe 'ya mace da 'ya tafi' da aka sa cikin alamar zance. Kuma kada ki dogara da `NFC`, wato hanyar Unicode ta daidaita lambobin haruffa. Tana da amfani ga haruffa masu alama a sama ko a ƙasa, amma ba ta haɗe waɗannan waƙafai.

Tambaya: Yallaɓai, ta yaya zan buga ʔ da ʼ, kuma me ya sa suke fitowa kamar akwati a takardata?

Amsa: A Word na Windows, rubuta `U+0294` ka danna `Alt+X`, nan take ta koma ʔ. Ka riƙa sa `U+` ɗin a gaba, domin in ka rubuta lambar kaɗai bayan harafi kamar a ko b, Word zai haɗa harafin cikin lambar ya ba ka wani abu daban. In aikin na da yawa, saka manhajar Keyman da allon IPA na ƙungiyar SIL. Yana aiki a kwamfuta da waya. Don hana juya waƙafi, kashe zaɓin `smart quotes` a `AutoFormat As You Type` cikin `AutoCorrect Options`, a iPhone kuma `Smart Punctuation` a saitin `Keyboard`.

Akwatin da kake gani ba ya nufin harafin ya ɓace. Zanen rubutun da ka zaɓa ne ba shi da hotonsa, lambar tana nan daram. Sauya zuwa Charis SIL, Doulos SIL, Gentium ko Noto Sans zai fito, har ɗan igiyar ƙasa ya zauna daidai ƙarƙashin harafinsa. Idan kuwa alamar tambaya ta ainihi ce ta maye gurbinsa, wannan an riga an rasa lambar lokacin adanawa, sai dai ka koma tsohon kwafe ka sake adana shi da `UTF-8`.