Riga-kafin kwamfuta ya tare min manhaja

"Jama'a, na karɓo manhajar firinta a filas daga wani shago a nan Gusau, sai Windows ya hana ni saka ta. Ƙarya yake yi ko in goge ta?"

Malam, fara duba wane irin saƙo ne ya fito maka. In shuɗin akwati ne mai cewa "Windows protected your PC", wannan SmartScreen ne. Bai ce ya ga cuta ba, cewa yake bai saba ganin fayil ɗin ba. Amma in Defender ne, wato riga-kafin da ke zuwa da Windows, ya ɗauke shi, shiga Protection history ɗinsa ka karanta sunan da ya ba shi. Wanda ya fara da PUA yawanci tarkacen talla ne da aka cusa ciki. Trojan kuwa, wato cutar da ke ɓuya cikin manhaja, ba abin wasa ba ne.

Daga nan ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka nemi Digital Signatures. Manyan kamfanonin firinta sukan sa hannu a manhajarsu. In babu sa hannun, ko sunan wani ne daban, ni dai ba na yarda.

Bara haka ta faru da ni a Kaura Namoda. Na ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, inda riga-kafi wajen saba'in ke duba shi. Da biyu ko uku ne marasa suna suka yi kuka, da na ce kuskure ne. Sai ga fiye da talatin, har da manyan. Mai shagon ma, bawan Allah, bai san filas ɗinsa ya kamu ba.

Naka tunda ta filas ya zo, kada ka danna Allow. Goge shi, ka sayi data, ka sauko da manhajar daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar.