Ko neman haƙƙina ya fitar da ni daga cikin mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, kuma an koya mana cewa a tunanin Afirka al'umma ce ke mayar da ɗan Adam cikakken mutum. Shekara huɗu da rasuwar mahaifinmu ba a raba gonarsa ba. Da na nemi kasona, sai baffanmu ya ce na ɗauko aƙidar Turawa, kuma wadda ta fifita kanta a kan dangi ba mutum ba ce. Maganar ta hana ni barci, domin ta yi daidai da abin da na karanta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika karanta da abin da baffanku ya faɗa kama kawai suka yi a lafazi, amma ma'anarsu ta sha bamban.

Tushen rikicin yana cikin kalmar "mutum" kanta, wadda Bahaushe ke amfani da ita ta fuska biyu. Akwai mutum da ke nufin ɗan Adam, wanda ya samu wannan matsayi tun ranar da aka haife shi. Akwai kuma mutum na cikin "ai wane mutum ne", wato mutumin kirki, mai gaskiya da amana da kunya da karamci, kuma wannan suna ne da jama'a ke ba wanda suka zauna da shi suka ga halinsa. Idan aka ce "wane ba mutum ba ne", babu mai hankalin da zai fahimci cewa an halatta jininsa ko dukiyarsa. Ana nufin halinsa ya gaza, shi ya sa ranar da ya rasu mutanen da suka faɗi haka za su yi masa wanka su sallace shi kamar kowa.

A kan wannan gaɓa masanan falsafar Afirka suka yi saɓani. John Mbiti na Kenya ya rubuta a 1969 cewa samuwar mutum ta rataya ne a kan samuwar jama'arsa. Ifeanyi Menkiti, ɗan Nijeriya, ya ƙara tsananta maganar a 1984, inda ya ce zama mutum abu ne da ake cimmawa a hankali ta hanyar shiga al'umma da sauke nauyinta, kuma ana iya kasa cimma shi. Kwame Gyekye na Gana ya yi masa raddi, musamman a littafinsa na 1997, cewa al'umma tana rainon mutum amma ba ita ta ba shi hankali da ikon zaɓi ba, saboda haka akwai haƙƙoƙin da ba ta da hurumin taɓawa. A ganina Gyekye ya fi kusa da yadda Hausa ke amfani da kalmar, kuma ya fi dacewa da aya ta 70 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam ba tare da sharaɗin yardar danginsu ba.

Kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, a aji da wajen aji, shi ne ɗaukar ma'ana ta biyu a yi hukunci da ita a kan ta farko. Wani zai fara da jimlar da kowa ya yarda da ita, cewa mutum sai da mutane, daga nan ya zarce zuwa cewa dangi sun fi ɗaya daga cikinsu, sai ya ƙare da cewa abin da ke hannun wannan ɗayan na dangi ne. Tsakanin mataki na biyu da na uku akwai rami, kuma da gangan ake tsallake shi da sauri. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu digirin da ke maimaita wannan a taruka, suna cewa haƙƙin ɗaiɗaikun mutane kayan aro ne daga Turai, alhali ba su taɓa buɗe takardun da suke suka ba. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, wadda suke kira ta son kai, ta faɗa a sashe na 29 cewa kowa yana da nauyin al'ummar da a cikinta kaɗai ɗabi'arsa ke iya bunƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi ta 1981 kuwa ta jera nauye-nauyen da ke kan mutum a sashe na 27 zuwa 29, har da girmama iyaye da ciyar da su idan sun buƙata, amma a sashe na 14 ta tabbatar da haƙƙin mallakar dukiya. Hatta a Afirka ta Kudu, inda kalmar ubuntu, wato aƙidar mutum sai da mutane, ta yi suna, lokacin da kotun tsarin mulki ta soke hukuncin kisa a 1995, alƙalai da dama sun kafa hujja da ubuntu ne don kare ran ɗaiɗaikun mutane, har waɗanda aka samu da laifi, a lokacin da ra'ayin jama'a da yawa ke goyon bayan kisan. Ko mutum bai yarda da hukuncin ba, ya ga inda aka juya akalar aƙidar.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba ɗalibaina: duk lokacin da aka ce ki haƙura saboda dangi, ki tambaya wane ne zai riƙe abin da kika bari. Ban san yawan magadanku ba, don haka bari in ƙaddara misali. A ce mamaci ya bar gona hekta 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matar tana da tumuni, wato hekta 1. Ragowar hekta 7 ana kasa ta bakwai, kowane namiji ya ɗauki 2, macen ta ɗauki 1. Baffa ba shi da komai a nan, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwan mamaci. Idan an bar gonar a haɗe ana nomawa gandu, kuma kowace kaka ana auna wa 'yar kashi ɗaya cikin takwas bayan an cire kuɗin aiki, to wannan zumunci ne na gaske, kuma sau da yawa ya fi rabawa amfani, tunda ƙaramar gona ba ta ɗaukar kuɗin taki da huɗa. Idan kuwa shekara huɗu ana girbi ba ta ga ko tiya ɗaya ba, to "dangi" a wannan jimla sunan mutum biyu ne ko uku da rumbun ke gidansu. Kuma rabon da kike nema ba a Turai aka tsara shi ba, yana cikin Suratun Nisa'i, inda aya ta 7 ta kira shi rabo yankakke ga maza da mata, kaɗan ne ko mai yawa.

Duk da haka, akwai wurin da tunanin al'umma yake da iko a kanki, kuma zan zalunce ki idan na ɓoye shi. Haƙƙi yana gaya miki abin da ba za a ƙwace miki ba, amma bai koya miki yadda za ki nema ba, bai kuma ce komai a kan abin da za ki yi da shi bayan ya shigo hannunki ba. Za ki iya karɓar hektarki ta hanyar da za ta sa ku daina gaisawa da yayyenki, kina da gaskiya a shari'a amma kin yi asarar abin da Menkiti yake magana a kai. Za ki kuma iya karɓa, a shata iyaka a rubuta, sannan ki ba babban yayanku aro ya ci gaba da nomawa. Kyautar da ake yaba wa mutum a kanta sai da mallaka take yiwuwa, domin wanda aka hana abinsa bai yi karamci ba.

Shawarata ita ce kada ki yi jayayyar falsafa da baffanku, domin ba za ta ƙare da daɗi ba. Ki fara da mahaifiyarku idan tana raye, tunda ita ma tumuninta yana cikin gonar, sannan ku nemi malamin da ya san ilmin gado wanda baffan ke jin nauyinsa, ya lissafa kason kowa a gaban magada duka, a rubuta, shaidu su sa hannu. Idan magada sun zaɓi ci gaba da gandu bayan haka, a rubuta yadda za a riƙa raba amfanin kowace shekara. Kotun shari'a tana da hurumin raba gado idan sulhu ya ci tura, amma ki bar ta a matsayin mataki na ƙarshe, bayan mai unguwa ko dagaci ya gwada nasa.