Ba girman kai ba ne, gaba ne ke faɗuwa

"'Yan'uwa a taimaka. In za ni biki tun daren jiya ba na barci. Ina shiga falo cike da mutane sai gabana ya yi ta faɗuwa, murya na rawa, ko gaisuwa ba ta fita daidai. Haka ma a mitin na wajen aiki. Dangin mijina sun fara cewa girman kai gare ni. Ya zan yi?"

Wayyo 'yar'uwa, wallahi kamar ni kika shiga zuciyata kika rubuto. Wanda bai ɗanɗana ba gani yake kunya ce kawai. Mai kunya tana sunkuyar da kai ta gaida mutane lafiya lau. Mu kuwa yawu ne ke ƙafewa, tafin hannu ya jiƙe, gwiwa ta yi sanyi. Jiki ne ke ɗaukar idanun jama'a a matsayin haɗari, sai ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta kama gudu. Shi ya sa "ki daure mana" ba ta magani.

Ni abin da ba na mantawa wunin bikin ƙanwar maigidan ne. Na shiga ɗakin manya na durƙusa, da rana tsaka na ce "ina kwana", sannan muryar ta maƙale. Wata gwaggonsa ta ajiye cokali ta ce, "Ikon Allah, ita wannan sai an biya ta take magana ne?" Ɗakin ya kwashe da dariya. Na tashi na taka leshina, na kusa faɗawa kan tiren shinkafa. A banɗaki na ƙare wunin ina wanke fuska, kwalli duk ya zubo. Abin da ya fi ci mini rai, baiwar Allahn nan ba ta bari ba, duk taron da muka haɗu sai ta ce "ga kurmar gidanmu". Babba da ita, mai jikoki! Na yafe, amma har yau in na ji irin turarenta sai cikina ya juya.

To ki ji, kar ki fara ƙin zuwa. Ranar da kika ƙirƙiro ciwon kai kika zauna a gida za ki ji sanyi a ranki, amma wannan sanyin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa guduwa ce ta cece ki, biki na gaba tsoron ya ninka. Abin da ke rage shi shiga ne kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi. Fara da barkar haihuwa a maƙwabta, inda mutum uku ne ko huɗu, sannan suna, sannan wunin biki. Kuma in kin shiga kar ki fita lokacin da bugun zuciyar ya yi tsanani. Ki zauna, da kansa yake sauka, jikinki na buƙatar ya ga hakan.

Ki riƙa zuwa da wuri. Mai zuwa a makare ita ce duk ido ke komawa kanta, wadda ta riga kuwa masu shigowa ne ke gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwarmu ma ai a shirye take: ina wuni, ya taro, ya hidima, Allah ya sanya alheri. Ki fara da wadda ta fi kowa girma, sauran ki haɗa su da "sannunku". Ba wanda ke jiran ki yi wa'azi.

Kafin ki shiga ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sakin ya fi jan tsawo. Ni nakan haɗa da addu'ar Annabi Musa ta cikin Suratu Ɗaha, wadda ya roƙi a buɗa masa ƙirji a warware ƙullin harshensa. Kofi, shayi mai kauri da goro ki bar su ranar, ƙara bugun suke yi.

A mitin kuwa, rubuta jimlarki ta farko a takarda, ki faɗe ta tun farkon zama. Jiran layi ya zagayo kanki shi ne azabar. Rawar muryar nan ma ke kika fi kowa jin ta.

Don Allah kar wata ƙawa ta miƙo miki kodin ko taramol wai ki samu ƙwarin ido, da yawa ta nan suka faɗa. Tunda har barci yana gagarar ki, in abin ya wuce wata shida yana taɓa aikinki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Maigidan ma ki zaunar da shi ki faɗa masa, shi ya san bakin da zai yi wa danginsa bayani. Nawa sai da ya ga hannuna na rawa a mota kafin ya yarda.