Juma'ar ƙarshen wata ba kullum ita ce ta huɗu ba

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu na zama duk Juma'ar ƙarshen wata. Na saka shi a Google Calendar ranar 27 ga Fabrairu 2026 ya riƙa maimaita kansa. Maris da Afrilu sun fito daidai, amma a Mayu sai ga shi ranar 22 maimakon 29. Ina na yi kuskure?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka taɓa komai, buɗe watan Yuni ka duba ranar da taron ya faɗa. Nan ne za ka gane ainihin ciwon, domin kuskure iri biyu ne ke kawo wannan 22 ga Mayu, kuma a Yuni suke rabuwa.

Idan ka gan shi ranar 26 ga Yuni, to Juma'a ta huɗu ka zaɓa, ba ta ƙarshe ba. Idan kuwa ranar 19 ya faɗa, to cewa ka yi ya maimaita duk bayan mako huɗu, wanda ya fi muni. Na farkon yana kuskure ne a wasu watanni ya dawo hanya da kansa. Na biyun da zarar ya zame sai ya yi ta ja baya: 19 ga Yuni, 17 ga Yuli, 14 ga Agusta, har ya koma tsakiyar wata. Mako huɗu kwana 28 ne, wata kuwa ban da Fabrairu ya fi haka, shi ya sa mai bin mako huɗu yakan ƙare da zama 13 a shekara maimakon 12.

Na fi zargin na farkon, don shi ne ya taɓa cina. Na daɗe ina riƙe da littafin taron wata ƙungiya, kuma har yau ina tuna yammacin da mutum uku suka zo mako guda kafin lokaci saboda wayarsu ta tunatar da su. Ɗayansu dattijo ne da ya taso daga nesa. Ya miƙo min wayar ba tare da ya ce uffan ba, ga sanarwar a kan fuskarta da sunana a matsayin wanda ya gayyace shi. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na zauna na bi lissafin sai da na gane shi.

Ga yadda yake. Shekara tana da Juma'a 52, wani lokaci 53. Da kowane wata huɗu yake da su, da 48 ke nan. Ragowar huɗun, ko biyar, dole su faɗa a wasu watanni su zama Juma'a ta biyar. A 2026 watannin su ne Janairu, Mayu, Yuli da Oktoba, inda ta ƙarshen take faɗawa a 30, 29, 31 da 30. A sauran watanni takwas, ta huɗu da ta ƙarshe rana ɗaya ce. Ranar da ka fara, 27 ga Fabrairu, tana cikin irin waɗannan, don haka manhajar ba ta da hanyar sanin wacce kake nufi sai abin da ka danna. Maris 27 da Afrilu 24 ma haka suke, shi ya sa kuskuren ya kwanta wata uku bai nuna kansa ba.

Gyaran da na fi amincewa da shi shi ne ka kafa taron a kan Juma'ar da ba ta da suna biyu, wato ta biyar. Ka yi shi a kwamfuta in da hali, zaɓuɓɓukan sun fi fitowa sarai. Buɗe taron na Mayu, ka mayar da ranarsa 29. Sannan ka danna wurin maimaitawa, ka shiga Custom, ka sa Repeat every ya zama 1 month. A ƙasansa akwai ɗan jerin zaɓi. Kada ka ɗauki Monthly on day 29, wannan lambar rana yake bi, a Yuni zai kai ka Litinin. Abin da kake nema shi ne Monthly on the last Friday. Ka lura, wannan zaɓin ba ya bayyana sai ranar da ka tsaya a kai ta kasance Juma'ar ƙarshe da gaske. Mutane da yawa suna buɗe sabon taro a ranar da suke zaune, su nemi kalmar last su rasa, su ce manhajar ba ta iyawa. Tana iyawa, ranar ce ba su fara gyarawa ba.

Wajen adanawa zai tambaye ka wanne za a canza. Ka zaɓi This and following events, domin zaman Fabrairu zuwa Afrilu su tsaya yadda aka yi su, da duk bayanan da ka rubuta a cikinsu. In ka gayyaci mutane, ka yarda ya aika musu da sanarwar canjin, kuma ka ƙara gaya musu da bakinka. Wanda ya kwafi ranar da hannunsa cikin tasa kalandar, gyaranka ba zai kai gare shi ba.

Ga masu Outlook, a Monthly za ku zaɓi last da Friday. A iPhone kuwa Repeat, sai Custom, sai Monthly, sai On the, a nan za a juya zuwa last da Friday.

Duk waɗannan manhajojin, idan za su miƙa wa juna taro, ƙa'ida ɗaya suke bi, ta iCalendar, wadda aka rubuta a RFC 5545 a 2009. In ka fitar da taron a fayil na .ics ka buɗe shi kamar rubutu, abin da ya kamata ka gani ke nan:

```
RRULE:FREQ=MONTHLY;BYDAY=-1FR
```

Wannan -1 yana nufin a fara ƙirga daga ƙarshen wata a dawo baya, Juma'ar farko da aka ci karo da ita ita ce. In ka ga 4FR, ta huɗu ce, matsalarka ke nan. Kada kuma a ce maka ka sa 5FR. Wannan zai tsallake duk watan da ba shi da Juma'a biyar, ka wayi gari da zama huɗu kacal a shekarar.

Bayan ka gama, kada ka gamsu da ganin wata mai zuwa, don ka riga ka ga yadda wata mai zuwa ke yaudara. Ka tsallaka Yuli kai tsaye: 31 za ka gani, ba 24 ba. Sai Oktoba: 30, ba 23 ba. Ni abin da nake yi a kowace rana da na yi shakka, ina ƙara mata 7. In amsar tana cikin watan, to akwai wata Juma'a a gaba. 22 da 7 sun ba da 29, Mayu kuwa kwana 31 ne, ka ga 22 ba ta ƙarshe ba ce.

Saura abu ɗaya da zai same ku a ƙarshen shekarar: Juma'ar ƙarshen Disamba 2026 ta faɗa 25 ga wata, ranar hutu a wurare da yawa. In kun yanke ku yi zaman ranar 18, ka buɗe na Disamba kaɗai, ka canza ranar, ka zaɓi This event. In ka danna wani zaɓin daban za ka taɓa sauran jerin, ka koma gidan jiya. Allah ya sa a yi zaman lafiya.