Ƙanwata ta tambaye ni me ya sa Allah ya ɗauke mata ɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗan ƙanwata mai shekara 2 ya rasu kwana 9 da suka wuce bayan zazzaɓin kwana uku. Jiya da dare ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, me na yi wa Allah ya ɗauke min shi?" Na ce ta yi istigfari, sai ta juya baya ta daina yi min magana. Me ya kamata in ce mata? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙurin rashi.

Malama, istigfari ba laifi ba ne, amma a wannan gurbin abin da kunnenta ya ji shi ne "kin yi saɓo." Ta zo da ciwo ta tarar da tuhuma, shi ya sa ta rufe baki. Ki koma wurinta ki fara da gyara wannan: "Jiya na yi gaggawa, ban saurare ki ba. Faɗa min abin da ke ranki." Ki zaɓi lokacin da 'yan gaisuwa suka watse, ku biyu kawai, ki ajiye waya.

Idan ta maimaita tambayar, amsar gaskiya gajeriya ce: "Ban san dalilin ba, kuma babu malamin da ya sani. Abin da na sani shi ne ba hukunci ba ne a kanki." Kada ki ji cewa wannan gazawa ce. Mun yi imani akwai hikima a cikin ƙaddara, amma ba a sanar da kowa hikimar mutuwar wani yaro takamaimai ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Annabi ya hana su, ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Fassarar tana girmama ɗansa, amma da yake ba gaskiya ba ce bai karɓa ba. To ina ga mu da muke ƙirƙiro dalilai don mu cike shiru?

Daga nan ki lura da kalmominta. Ba ta ce "me ya sa yara ke mutuwa" ba, cewa ta yi "me na yi." Wannan tambayar mai jin laifi ce, kuma sau da yawa akwai wani abu ɗaya da take juyawa a rai. Ki tambaye ta a hankali, "Akwai abin da kike ganin kin yi, ko ba ki yi ba?" Sai ki yi shiru, ko da shirun ya kai minti biyu. Kada ki cike mata.

A ce ta amsa da cewa, "Ranar farko kemis na je na sayo magani. Da na kai shi asibiti da bai mutu ba." Harshenki zai so ya ce "kwanansa ne ya ƙare." Gaskiya ne, amma idan kika fara da shi za ta ɗauka kin kauce. Kada kuma ki rantse mata cewa asibiti ba zai yi amfani ba, domin ta san ba ki da tabbas, kuma daga nan ba za ta ƙara yarda da sauran maganarki ba. Ki mayar da ita ranar: "A ranar, me kika gani a jikinsa? Kin san zai kai haka?" Za ta ce zazzaɓi ne irin wanda ya saba yi. Sai ki ce, "Kin yi aiki da abin da kika sani a ranar. Abin da kika sani yau, bayan ya rasu kika san shi. Kin nema masa magani ne don kina so ya rayu." Bayan wannan ne maganar ajali za ta sami wurin zama.

A kan zaton azaba kuwa, hujja ɗaya ta isa, kada ki jero mata goma. 'Ya'yan Annabi bakwai ne, shida sun rasu yana raye, Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa. Da rasa ɗa alamar fushin Allah ne, da bai sami mafificin halitta ba. Kuma da Ibrahim yana numfashin ƙarshe, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ki faɗa mata wannan musamman in akwai masu ce mata kuka rashin tawakkali ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, ba hawaye ba.

Akwai maganganun da suka zama ruwan dare a gidajen makoki da nake roƙo ki kiyaye. "Ke yarinya ce, za ki haifi wani" tana nuna kamar yaron kaya ne da ake musanyawa. "Wata ta rasa uku" ba ta rage zafin ɗaya. Mafi muni a ganina ita ce jawo ƙissar yaron da Halliru ya kashe a cikin Suratul Kahfi a ce "wa ya san abin da zai zama." Wannan ilimi ne da Allah ya keɓance bawansa Halliru da shi, kuma faɗa wa uwa haka daidai yake da ce mata ɗanta zai lalace. Idan kuma wata ta fara raɗa cewa maita ce ko hannun kishiya, ki tsayar da ita tun a tsakar gida kafin maganar ta shiga ɗaki.

Bushara da Aljanna da gidan da ake kira Baitul Hamdi, wanda ake gina wa wanda ya rasa ɗa ya gode wa Allah, gaskiya ce, amma lokaci take so. Ki bari sai ita ta tambaya ina yake yanzu. Idan ta ce ki tafi ki bar ta, kada ki yi gardama. Annabi ya wuce wata mata tana kuka a bakin kabari ya ce ta yi haƙuri, ta ce ya rabu da ita, musibarta ba ta same shi ba. Bai tsaya jayayya ba, ya wuce, daga baya ita ta neme shi.

Ki riƙa kiran sunan yaron, kada a kwashe kayansa ba da izininta ba. Ki ci gaba da zuwa bayan ƙafa ta ɗauke, domin makonnin da gida ya yi tsit sun fi kwana ukun farko nauyi. Ki sa wani namiji ya zauna da uban ma, shi ba a cika tambayarsa ba.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa. Idan ta ce tana so ta bi shi, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a ɗauke magunguna da fiya-fiya da maganin ɓera daga ɗakin, a kai ta ga likita a ranar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba irin wannan. Haka ma in ta kwana biyu ba ci ba sha, ko kuma wata shida suka wuce ba ta iya kula da kanta da sauran yaranta ba.