Ya ɓoye ciwon haƙori, yanzu zafin ya tafi: sai mun koma asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 ya yi wajen wata biyu yana fama da ciwon haƙori bai faɗa wa kowa ba. Gwaggonsa, wadda take aikin nas, ita ta lura yana tauna da gefe ɗaya kuma kuncinsa ya ɗan tasa, ta kai shi asibiti. Sun ce turminsa na can baya a ƙasa ya yi kogo har ya tara mugunya, suka ba shi magani na kwana biyar, suka ce a dawo a yi aiki. Yanzu kumburin ya saɓe, ba ya jin zafi ko kaɗan. Kakarsa ta ce a ƙyale shi tunda ya warke, ai haƙorin nono ne zai faɗi da kansa, in ya sake tashi a kai shi a cire masa tsutsa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ku koma, kuma kada ranar da aka ba ku ta wuce. Haƙorin nan bai warke ba.

Kafin komai, yau da hantsi ki sa shi ya buɗe baki, ki ƙirga haƙoransa na ƙasa daga tsakiyar gaba zuwa baya a gefen da ke ciwon. Idan mai kogon shi ne na shida, to ba na nono ba ne. Haƙoran nono ashirin ne, biyar a kowane ɓangare na sama da ƙasa. Na shidan turmi ne na dindindin da ke fitowa yaro yana wajen shekara 6, a bayan na nono gaba ɗaya, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Da yake ba a ga famfara ba, ba a ga giɓi ba, sai iyaye su lissafa shi cikin na nono. Yadda kika ce na can baya ne, kuma yaron yana shekara 9, zatona ya fi ƙarfi a kan shi ne. Wannan in ya tafi babu wani a ƙarƙashinsa da zai maye gurbinsa. Ko da ma na biyar ne, wato na nono, ba ya faɗuwa sai tsakanin shekara 10 zuwa 12, kuma mugunyar ba za ta zauna tana jiran wannan lokaci ba.

Maganar "ai ya daina ciwo, ya warke" kuwa, babu ranar da zan zauna a ɗakin duba marasa lafiya ban ji ta ba, kuma ita ce ta fi jawo mana yara a mummunan hali. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai jijiya da ƙananan hanyoyin jini. Lokacin da kogo yake sama-sama, yaro zai ji tsami ne kawai idan ya sha ruwan sanyi ko ya tsotsi alawa, nan da nan ya wuce. A wannan matakin ciko ya wadatar, aikin rabin awa. Idan ruɓar ta isa ɗakin jijiya sai zafin ya canza: yana zuwa ba tare da an ci komai ba, yana bugawa kamar zuciya, ya fi tsananta da dare idan an kwanta. Wannan ne ɗanki ya riƙa cijewa a kai shi kaɗai. Bayan kwanaki ko makonni jijiyar sai ta mutu, matacciyar jijiya kuwa ba ta jin zafi. Gida sai a yi hamdala, alhali ƙwayoyin cuta sun cinye cikin haƙorin sun gangara ta saiwa sun shiga ƙashin muƙamuƙi. Kumburin da gwaggonsa ta gani alamar an riga an kai wannan matakin ne.

Za ki ce to maganin da aka ba shi fa? Maganin kashe ƙwayoyin cuta jini ne yake ɗaukarsa ya kai shi inda ake buƙata. Ya isa naman kunci da ƙashi, shi ya sa kumburin ya saɓe. Amma cikin mataccen haƙori jini ba ya shiga, don haka magani ba ya shiga. Ƙwayoyin suna nan a ciki, kuma kogon yana buɗe, kullum abinci yana faɗa musu. An kwashe ruwan da ya malala a tsakar gida ne, ba a toshe inda yake ɓulɓulowa ba. Zai iya yin shiru na sati uku, zai iya yin na wata shida, amma zai dawo.

Ki ɗaga leɓensa ki duba dasashin da ke gefen haƙorin. Idan kin ga ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero ko dawa, wanda yake fashewa ya fitar da ruwa mai ɗan gishiri-gishiri da wari, ya ɓace ya sake fitowa, to mugunya ce ta huda wa kanta hanya. Muddin tana samun fita ba za a ji zafi ba. Ranar da hanyar ta toshe, ranar fuska za ta kumbura.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan shirun da shi masu cire tsutsa suke cin kasuwa. Babu tsutsa a cikin haƙori. Shekaru nake buɗe ruɓaɓɓun haƙora da hannuna, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale su fitar da tsami mai narkar da haƙorin. Fararen zare-zaren da ake nuna wa mutane a kwanon ruwa bayan turare, ko dai cikin 'ya'yan tsiron da aka ƙona ne ya fashe ya fito, ko kuma da ma a auduga aka ɓoyo su. Yaro ya je wurinsu daidai lokacin da jijiyarsa take gab da mutuwa, bayan kwana biyu zafi ya ɗauke, sai labari ya cika unguwa cewa an cire tsutsa an huta. Wanda ya dawo da kumburarriyar fuska bayan wata uku, babu mai haɗa shi da waccan tsutsar. Haka masu ɗiga ruwan batir ko fetur, da masu cusa garin taba, da masu danna ƙwayar asfirin a kan dasashi. Na ga yaran da naman bakinsu ya ƙone ya yi fari fat saboda wannan, ruɓar kuma tana nan inda take. Man kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma ba ya fitar da mugunya. Masu kyamis da ke ƙirga wa uwa kafso huɗu ko shida duk sanda kunci ya tasa su ma suna da nasu alhakin, domin kowane zagaye yana sa maganin ya rage ci ranar da za a buƙace shi da gaske.

Dalilin da ya sa na tsananta shi ne inda turmin ƙasa yake. Saiwarsa tana kusa da ƙasan harshe da wuya. Na taɓa karɓar wani yaro da bai wuce sa'an ɗanki ba, wanda haƙorinsa ya yi shiru wata huɗu bayan an yi masa turare. Cikin kwana biyu ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗaga, yawu yana zuba don ya kasa haɗiya. Sai da aka shiga da shi tiyata cikin dare aka tsaga ƙasan muƙamuƙi aka fitar da mugunyar. Ya rayu, alhamdu lillahi, da tabo a wuya. Saboda haka kafin ranar komawarku, idan kin ga zazzaɓi tare da kumburi, ko kumburin ya gangara ƙasan haɓa ko ya haura wajen ido, ko ya kasa buɗe baki yadda yatsunsa biyu za su shiga, ko haɗiya da numfashi sun yi masa wuya, kada ki jira gari ya waye. Ku tafi sashen gaggawa na babban asibiti a wannan sa'ar.

Idan kun koma za a ɗauki hoton haƙorin, daga nan hanya biyu ce. Idan akwai sauran jikin haƙori mai ƙwari, za a kwashe matacciyar jijiyar a wanke cikin saiwa a cike, galibi a zuwa biyu ko uku. A shekara 9 saiwar wannan turmi wani lokaci ba ta gama rufewa ba, don haka aikin yana iya ɗaukar lokaci fiye da na babba. Idan kuwa ya ruɓe da yawa, cirewa za a yi. Kada wannan ya tayar miki da hankali: tsakanin shekara 8 zuwa 10 shi ne lokacin da cire wannan haƙori ya fi zuwa da sauƙi, domin turmin dindindin na biyu da ke fitowa a bayansa wajen shekara 12 yana iya matsowa gaba ya rufe mafi yawan giɓin. Hoton ne zai nuna ko yana kan hanya. Duk wanda za a yi, sai an yi allurar kashe zafi a dasashi tukuna. Zai ji ana dannawa, amma bai kamata ya ji zafi ba. Ki roƙi a duba sauran turame ukun da suka fito tare da wannan, don abin da ya ci ɗaya yakan taɓa 'yan'uwansa.

Idan zafi ya taso kafin ranar, a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 a kowane kilo. Yaro mai kilo 28 zai sha kusan miligiram 400, a bar aƙalla awa shida tsakani, kada ya wuce sau huɗu a yini. Gwaggonsa za ta lissafa miki daidai. Ban da asfirin ga yaro, ko sha ko dannawa. Ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, kuma kada a gasa kuncin da ruwan zafi. Ya ci gaba da goge har gefen da ke ciwon, safe da kafin barci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid.

Sai batun ɓoyewar. Don Allah kada a yi masa faɗa a kai. Yaran da na tambaya me ya hana su faɗa, amsarsu ba ta wuce uku: tsoron a doke su a kan shan zaƙi, tsoron allurar da kullum ake yi musu barazana da ita idan sun yi ƙiriniya, ko kuma an sha gaya musu namiji ba ya raki. Ki zaunar da shi ki faɗa masa abin da za a yi masa ba tare da ƙarya ba, har da cewa allurar za ta ɗan yi zafi kamar cizon tururuwa kafin wurin ya mutu. Tunda ya saki jiki da gwaggonsa, ta sake raka ku.

Ita kuma Hajiya, ba gardama za ki yi da ita ba, tausayin jikanta ne ya sa ta faɗi haka. Ki bar gwaggonsa ta yi mata bayani, in da hali ku tafi tare da ita ranar. Ki ce wa likitan ya nuna mata hoton, ya nuna mata baƙin tabon da ke ƙasan saiwar inda mugunya ta ci ƙashi. Allah ya ba shi lafiya.