Daga zanen Fischer zuwa wej da dash, da abin da musanya rukuni biyu ke jawowa

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a, nan Akoka. An ba mu D-eritros a zanen Fischer, OH biyun duk a dama, aka ce mu mayar da shi zanen zigzag. Na sa su duka a kan wej, malami ya soke. Ina kuskuren yake? Kuma in na musanya rukuni biyu, molekul ɗin yana nan yadda yake ko ya canja?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a lasin ɗin yamma a Agege, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo nan wurin sai ya yi tuntuɓe. Dalili ɗaya ne: ana kallon zanen Fischer kamar hoto ne shimfiɗaɗɗe, alhali yarjejeniya ce. Emil Fischer ya fito da shi a 1891 lokacin da yake aikin tantance sukari, don ya iya jera nau'o'i 16 na dangin gulukos a takarda ba tare da wahalar zana tudu da kwari ba. Sharaɗinsa shi ne: layin da ke kwance, dama da hagu, yana fitowa ne zuwa gare ka, layin da ke tsaye, sama da ƙasa, yana komawa bayan takarda. Kamar mutum ne ya tsaya a gabanka ya miƙo hannuwansa biyu zai rungume ka, kansa da ƙafafunsa sun ja baya.

Mu fara da kabon ɗaya kafin mu je ga naka. Ga D-gilisaraldehaid:

```
      CHO
       |
  H ---+--- OH
       |
      CH2OH
```

Matakin farko ba ya bukatar tunani. Ka bar kowane rukuni a inda yake, ka mayar da layin H da na OH su zama wej, wato layi mai kauri, ka mayar da na CHO da na CH2OH su zama dash, layi mai tsinke-tsinke. Wannan ma cikakken zanen wej da dash ne, kuma daidai ne. Sai dai ba shi malamai suka fi nema ba. Suna son jerin kabon ya kwanta a kan takarda, a ga wej ɗaya da dash ɗaya a kan kowane kabon.

Don samun haka, kai ne za ka canja wurin tsayuwa, ba molekul ba. Ka zaga ka tsaya a gefen dama na zanen, wajen da OH yake. Daga can OH ne ya fi kusa da kai, don haka ya zama wej, H yana can nesa, ya zama dash, kabon uku kuwa sun daidaita a fili ɗaya. Idan ka kwantar da abin da kake gani, za ka sami CHO a ƙasa ta dama, CH2OH a ƙasa ta hagu, kabon na tsakiya ya yi tudu, OH da H suna samansa. Daga nan ƙa'idar da nake ba ɗalibai ta fito: in C1, wato kabon ɗin CHO, yana hannun dama, kuma kabon ɗin da kake kai ya yi tudu, abin da ke dama a Fischer shi ne wej. In ka sa C1 a hagu, komai ya juye, don haka ka zaɓi ɓangare ɗaya ka riƙe shi har ya zauna maka.

Kada ka yarda da zanenka sai ka gwada shi da R da S. A nan OH ne na 1, CHO na 2, CH2OH na 3, H na ƙarshe. A sabon zanen, daga OH a sama zuwa CHO a dama zuwa CH2OH a hagu, tafiyar ta bi hannun agogo, H yana baya, ke nan R. A zanen Fischer kuma tafiyar ta saɓa wa hannun agogo, amma H yana kan layin kwance, yana fuskantarka, don haka sai ka juya amsar, ta zama R. Sun dace. Wannan juya amsar shi ne abin da aka fi mantawa da shi, domin a sukari kusan kullum H a layin kwance yake.

Yanzu ga eritros ɗinka, inda gizo ke saƙar. Da yake kowane layin tsaye yana komawa baya, jerin kabon a zanen Fischer ba a miƙe yake ba, lanƙwashe yake, kowane kabon ya yi tudu ta fuskarka. Da a ce ka zana shi a lanƙwashe haka, C2 tudu, C3 ma tudu, da wej biyun da ka sa sun yi daidai. Amma zigzag tudu da kwari ne. Idan C2 ya yi tudu, dole C3 ya faɗa kwari, kuma hanyar da zai faɗa ita ce ka murɗa haɗin da ke tsakanin C2 da C3 da digiri 180. Murɗawar ba ta karya komai, molekul yana nan yadda yake, amma OH ɗin C3 da ke fuskantarka ya koma baya. Shi ya sa a kabon da ke kwari ƙa'idar take juyewa: na dama ya zama dash, na hagu ya zama wej.

Amsar da ake nema ke nan: C1 a dama, OH na C2 a kan wej, OH na C3 a kan dash. Mu gwada. A C2, OH ne na 1, CHO na 2, C3 na 3, kuma fasalin iri ɗaya ne da na gilisaraldehaid, ya ba da R. A C3, OH yana ƙasa a kan dash, C2 ne na 2 a sama ta dama, CH2OH na 3 a sama ta hagu. Tafiyar ta saɓa wa agogo, amma H na kan wej, sai a juya, ya ba da R. D-eritros kuwa (2R,3R) ne, to an dace. Abin da ka zana, wej biyu, (2R,3S) ne, wato L-tiriyos, wani sukari dabam mai halaye dabam. Malaminka bai tsananta ba. Ka lura da abin da ya fito: OH biyu da ke maƙwabtaka a gefe ɗaya a Fischer, a zigzag gefe dabam-dabam suke fita, waɗanda ke gefe dabam-dabam kuma su haɗu a gefe ɗaya.

A ganina kada ka tsaya ga haddar wannan. Ka sayi lemun tsami biyu, ka roƙi mai tsire na bakin layinku tsinke bakwai, ka haɗa lemun biyu da tsinke ɗaya, ka soka uku-uku a kowanne, ka ɗaura takarda mai suna a bakin kowane tsinke. Ka murɗa lemo ɗaya da hannunka ka ga OH yana komawa baya. Ɗaliban da na ga sun yi wannan ba su cika sake rikicewa a kai ba, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba a kan akwatin samfurin roba.

Sai tambayarka ta biyu. A kabon mai rukunai huɗu mabambanta, tsari biyu kaɗai ke yiwuwa, wani da hotonsa na madubi, babu na uku. Musanya kowane rukuni biyu sau ɗaya yana kai ka ɗaya tsarin. Ba sai H da OH ba, ko CHO ka musanya da CH2OH, ko OH da CHO, sakamakon ɗaya ne: R ya zama S. Ka sake wata musanyar, ko da ta wasu rukunai ce dabam, ka dawo inda ka fito. Don haka ƙirga kawai za ka yi. Musanya 2 ko 4, molekul ɗaya ne. Musanya 1 ko 3, ka sami enantiyoma, wato hotonsa na madubi. Kuma musanya ba juyi ba ce, a zahiri sai an karya haɗi biyu an sake ɗaurawa, shi ya sa take haifar da sabon abu.

Wannan ƙirga ita ke bayyana dokokin juya takarda da ake sa ku haddacewa. Juya zanen da digiri 180 a kan tebur, sama ya musanya da ƙasa, dama ta musanya da hagu: musanya biyu, babu laifi. Juya shi da digiri 90, duk rukunai huɗun sun gusa, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka yi musanya uku kafin ka kai can, don haka ka koma enantiyoma ba ka sani ba. Ɗaga takardar ka kife ta, dama da hagu kaɗai suka musanya, sau ɗaya, shi ma ya ɓata. Riƙe rukuni ɗaya ka zagaya da sauran ukun, musanya biyu ce, ya halatta. Na fi son wannan ta ƙarshe, domin da ita kake saukar da H zuwa ƙasa ka karanta R ko S kai tsaye. A gilisaraldehaid, riƙe CHO a sama, H ya sauka ƙasa, CH2OH ya koma dama, OH ya koma hagu. Daga hagu zuwa sama zuwa dama bin agogo ne, R kamar dā.

Inda za ka yi hattara shi ne molekul mai irin wannan kabon fiye da ɗaya. Musanya a kabon ɗaya tana juya wannan kabon ne kaɗai, abin da ka samu dayasteriyoma ne, ba hoton madubi ba. A D-gulukos, OH na C2 yana dama, na C3 hagu, na C4 dama, na C5 dama. Musanya H da OH a C2, ka sami D-manos. Yi haka a C4, ka sami D-galaktos, sukarin da ke haɗe da gulukos a cikin madara. Tarkon da na fi gani a jarrabawa yana C5. Da yake matsayin OH na C5 ne ke sa a kira sukari irin gulukos D ko L, ɗalibi sai ya mayar da shi hagu ya rubuta L-gulukos. A'a, wannan L-aidos ne. L-gulukos sai an juya duk huɗun: hagu, dama, hagu, hagu. A irin waɗannan dogayen, ka tsaya ga musanya dama da hagu, kada ka taɓa na sama da ƙasa, don rikicewa ba ta da wuya.

Kafin ka koma wurin malamin, zana D-gulukos a zigzag da kanka, C1 a dama, C2 a tudu. Ya kamata OH ɗin su fito wej, wej, wej, dash daga C2 zuwa C5, haruffan kuma 2R, 3S, 4R, 5R. In wani kabon ya saɓa, fara duba ko tudu ne ko kwari, sannan ko H na kan wej ka manta ka juya. Ka turo hoton abin da ka samu mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.